Tambayoyi da Amsoshi Kan Ciniki a Kasuwar da Ke Kai-komo Tsakanin Rufi da Daɓe

Akwai lokacin da farashi ba ya hawa sosai kuma ba ya sauka sosai, sai dai ya riƙa kai-komo tsakanin iyakoki biyu, ya taɓa ta sama ya dawo, ya taɓa ta ƙasa ya koma. A nan za a riƙa kiran iyakar sama rufi, ta ƙasa daɓe, filin da ke tsakaninsu kuma akwati. Misalin lissafin da za a bi na kuɗin Yuro ne da Dalar Amurka, wato EUR/USD, kuma alkalumansa na koyarwa ne, amma abin da aka kawo game da zinare da kuɗin Siwizalan ya faru a kasuwa da gaske.

Yaya ake tabbatar da cewa farashi ya shiga akwati, ba hutawa kawai ya yi a kan hanyarsa ba?

Mafi ƙarancin sharaɗi shi ne farashi ya juyo daga wuri ɗaya a sama sau biyu, ya kuma juyo daga wuri ɗaya a ƙasa sau biyu. Kafin waɗannan juyi huɗu su cika, layin da mutum ya zana zato ne kawai. Wannan yana nufin cinikin farko da ya halatta bisa wannan tsari shi ne na taɓawa ta uku, kuma duk wanda ya ce ya sayi daɓen tun taɓawar farko, sa'a ya yi ko kuma wani dalili daban ya bi.

Ya kamata a zana rufi da daɓe a matsayin yanki mai ɗan kauri, domin da wuya farashi ya tsaya a kan lamba ɗaya daidai sau biyu. Kyandir shi ne zanen da ke nuna motsin farashi na wani ɗan lokaci a taswira, jikinsa daga farashin buɗewa zuwa na rufewa, jelarsa kuma iyakar inda farashi ya kai. Hanya mai sauƙi ita ce a ja layi ɗaya a inda jikin kyandirori suka rufe, a ja na biyu a inda jelarsu ta kai, sai a ɗauki abin da ke tsakanin layukan biyu a matsayin yankin. Idan ana son ƙarin shaida, akwai ma'aunin ADX, wanda J. Welles Wilder ya fito da shi a shekarar 1978 tare da wasu ma'aunai biyu, RSI da ATR. ADX yana auna ƙarfin tafiyar farashi ba tare da kula da inda ya nufa ba, kuma a al'adar masu ciniki, idan yana ƙasa da 20 ana ɗauka kasuwa ba ta da alƙibla, idan ya haura 25 kuma ana ɗauka tafiya ta fara. Sai dai ma'aunin yana biyo bayan farashi ne, saboda haka aikinsa ya gaskata abin da ido ya riga ya gani a taswira.

Me ya sa farashi yake juyowa daga wuri ɗaya sau da yawa?

Domin odar mutane tana taruwa a wuraren da kowa yake gani. Wanda ya saya a daɓe ya ci riba zai so ya sake saye a nan, wanda damar ta wuce shi a karon farko yana jiran ta dawo, wanda kuma ya sayar a rufi yana rufe cinikinsa a daɓe, rufewar tasa kuwa saye ce. Haka abin yake a rufi, a juye. Amma odar da ke jibge a wuri ɗaya tana da iyaka, kuma kowace taɓawa tana cinye wani kaso daga cikinta. Shi ya sa ba na yarda da maganar da ake yawan yi cewa daɓen da aka taɓa sau shida ya fi wanda aka taɓa sau uku ƙarfi. Ya fi shi fitowa fili, wannan gaskiya ne, amma fitowa fili tana jawo tarin odar tsayar da asara a ƙarƙashinsa, kuma ranar da farashi ya kai ga wannan tarin, faɗuwar takan yi sauri.

A ina daidai ake saye, a ina ake ajiye iyakar asara, kuma nawa ake sakawa?

A ɗauka EUR/USD ya yi makonni yana kai-komo tsakanin 1.0700 da 1.0900 a taswirar awa huɗu, wadda ake gani da sunan H4 a manhajar ciniki. Faɗin akwatin ke nan pip 200, domin pip ɗaya shi ne motsin 0.0001 a farashi. Mai ciniki yana da Dala 1,000 a asusunsa, kuma ya yanke wa kansa cewa ba zai yi kasadar fiye da kashi 1 cikin 100 a ciniki ɗaya ba, wato Dala 10.

Abin da ake fara tsayarwa shi ne wurin fita idan an yi kuskure, tun kafin a yi maganar wurin shiga. Ba a ɗora iyakar asara, wato Stop Loss, a kan 1.0700 daidai, ko pip biyar a ƙarƙashinsa, domin jelar kyandir ta yau da kullum ma takan kai nan. Sai a duba ATR, ma'aunin da ke nuna matsakaicin tsawon kyandir a cikin kyandirori 14 na baya. Idan ya nuna pip 30, sai a sauka da wannan adadin daga daɓe, iyakar asara ta zauna a 1.0670. Wurin saye kuma sai ya kasance ɗan sama da daɓe, a ce 1.0720, domin farashi yakan juyo kafin ya taɓa layin da aka zana. Wurin karɓar riba, wato Take Profit, shi ma ana ajiye shi ɗan ƙasa da rufi, a ce 1.0870, saboda dalili iri ɗaya: masu jiran pip na ƙarshe su ne suka fi kallon ribarsu tana narkewa.

Yanzu tazarar da ke tsakanin wurin saye da iyakar asara pip 50 ce, tsakaninsa da wurin riba kuma pip 150. Girman cinikin daga nan yake fitowa. Dala 10 a raba ta gida 50, kowane pip ya zama santi 20. Da lot ake auna girman ciniki. A EUR/USD, lot 0.01 yana daidai da Yuro 1,000, kuma kowane pip a kansa santi 10 ne, saboda haka girman da ya dace shi ne lot 0.02. Idan ciniki ya ɓaci an rasa Dala 10, idan ya yi kyau an samu Dala 30. Da irin wannan rabo, ko da sau ɗaya kawai mutum yake cin nasara a cikin ciniki huɗu, jarinsa yana nan yadda yake, in ban da kuɗin dillali. Cinikin sayarwa a rufi hoton wannan ne a juye: a sayar a 1.0880, iyakar asara a 1.0930, riba a 1.0730.

In ajiye oda tana jira, ko in jira in ga farashi ya juyo tukuna?

Kowace hanya tana da kuɗinta. Wanda ya ajiye Buy Limit, wato odar saye da ke jiran farashi ya sauko, a 1.0720 yana samun farashi mai kyau kuma ba sai ya zauna gaban allo ba, amma odarsa za ta shiga ko da farashin yana gangarowa ne da niyyar fasa daɓe. Wanda ya jira kyandir ɗin awa huɗu ya taɓa yankin daɓe, ya bar doguwar jela a ƙasa, ya rufe a sama, ya tsira daga wasu faɗuwar, amma zai shiga a makare, wataƙila a 1.0745. A wannan farashin asararsa ta zama pip 75, ribarsa ta ragu zuwa pip 125, kuma dole ya rage girman cinikin zuwa lot 0.01 domin kada ya wuce Dala 10. A ganina jira ya fi dacewa da wanda bai daɗe da fara wannan salon ba, musamman idan farashin ya iso daɓe da manyan kyandirori masu sauri. Idan ya iso a hankali, da ƙananan kyandirori masu jela, oda mai jira ba ta da laifi.

Wasu suna ƙarawa da RSI, ma'aunin da ke nuna ƙarfin hawa ko saukar farashi tsakanin 0 da 100, su jira ya sauka kusa da 30 kafin su saya, ko ya hau kusa da 70 kafin su sayar. A cikin akwati wannan yana taimakawa. Da zarar akwati ya fashe kuwa, RSI yana iya zama a ƙasa da 30 na tsawon lokaci farashi yana ci gaba da zubewa, don haka shi kaɗai bai isa dalilin saye ba.

Me ya hana a yi ciniki a tsakiyar akwati?

Lissafi ne ya hana. Wanda ya saya a 1.0800, iyakar asararsa har yanzu tana 1.0670, domin nan ne kawai za a ce akwatin ya karye, kuma wurin ribarsa har yanzu 1.0870 ne. Ya saka pip 130 a kasada domin neman pip 70, kuma sai ya ci nasara sau 65 a cikin 100 kafin ya tashi ba riba ba asara. Idan ya ce zai matso da iyakar asara kusa, a ce 1.0770, ya ajiye ta a filin da farashi yake yawo ba tare da wani dalili ba, kuma za a taɓa ta ko da hasashensa daidai ne. Mafi yawan lokacin da kasuwa take cikin akwati a tsakiya take yin sa, wanda ke nufin mafi yawan aikin mai wannan salo zaman jira ne.

Amfanin tsakiya ɗaya ne: wurin rage kaya. Mai lot 0.02 yana iya rufe rabi a 1.0800 ya karɓi Dala 8, ya matsar da iyakar asarar sauran zuwa wurin da ya shiga. Idan farashi ya kai 1.0870, jimillar ribarsa Dala 23 ce maimakon 30, wato ya sayi kwanciyar hankali da Dala 7.

Ko kowane akwati ne ya cancanci a shiga?

A'a. Dillali yana cin tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa a kowane ciniki, kuma wannan tazarar ba ta raguwa don akwati ya yi ƙanƙanta. Idan pip 2 ce, a cinikin da ke neman pip 150 ba a jin ta. A akwatin pip 20 na taswirar minti biyar kuwa, bayan an bar pip huɗu a ƙasa da huɗu a sama, pip 12 ne suka rage, tazarar ta cinye kashi ɗaya cikin shida tun kafin a fara. Ƙa'ida mai amfani ita ce a gwada faɗin akwati da ATR. Akwatin misalinmu ya ninka ATR ɗinsa fiye da sau shida. Wanda bai wuce ninki biyu ko uku ba, kyandir biyu suna iya ratsa shi daga daɓe zuwa rufi, kuma babu wurin da za a ajiye iyakar asara da hankali zai kwanta.

"Sayarwa a rufi" tana nufin sayar da abin da ban mallaka ba ke nan?

Tana da fuska biyu. Wanda yake ciniki a kasuwar hannu da hannu, ya sayi hannun jari ko kuɗin kirifto da kuɗinsa, sayarwarsa a rufi rufe cinikin da ya buɗe a daɓe ce kawai, daga nan sai ya zauna da kuɗinsa har farashi ya sake saukowa. Wanda yake amfani da dillalin canjin kuɗi ko kwangilar bambancin farashi yana iya buɗe sabuwar sayarwa a rufi ba tare da ya mallaki komai ba, domin ya ci ribar saukowa. Tsarin yana iya aiki ko da fuska ta farko kaɗai aka bi, sai dai damar ciniki ta ragu da rabi. A fuska ta biyu akwai kuɗin kwana da ake cira ko ake ƙarawa a kan cinikin da ya kwana a buɗe, wanda ake gani da sunan Swap, kuma asalinsa bambancin kuɗin ruwa ne tsakanin kuɗaɗen biyu. Tun da cinikin akwatin awa huɗu yakan ɗauki kwanaki, wannan kuɗin yana shiga lissafi. Dillalai da yawa suna da asusun da babu shi, amma hukuncin sayar da abin da ba a mallaka ba da na ciniki da bashin dillali magana ce ta malamai, kuma a wurinsu ya kamata a neme ta.

Waɗanne alamu ne ke nuna akwati ya kusa fashewa?

Alamar da ta fi kowacce amfani ita ce farashi ya kasa ƙarasawa ɗaya gefen. Idan ya juyo daga rufi a 1.0900 ya tsaya a 1.0760, ya koma rufi, ya sake juyowa ya tsaya a 1.0820, to masu saye sun daina jiran daɓe, suna saye a farashi mafi tsada kowane karo. Sayarwa a rufi a irin wannan hali tsayawa ce a gaban mutanen da ke matsowa. Alama ta biyu ita ce farashi ya manne a jikin rufi ko daɓe, ƙananan kyandirori su jeru a nan ba tare da an tunkuɗo shi ba, alhali a baya da ya taɓa wurin yake juyowa da ƙarfi.

Ta uku ba a taswira take ba, a kalanda take. Manyan sanarwa su ne suka fi fasa akwati: shawarar kuɗin ruwa ta babban bankin Amurka ko na Tarayyar Turai, alkaluman hauhawar farashi, da rahoton samar da ayyukan yi na Amurka, wanda galibi yake fita ranar Juma'ar farko ta wata da ƙarfe 8:30 na safe agogon New York. A agogon Najeriya da Nijar wannan ya yi daidai da ƙarfe 1:30 na rana daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, da 2:30 a sauran watanni, wato lokacin da mutane da yawa suke masallacin Juma'a ko suke dawowa. Wanda ya san ba zai kasance gaban allo ba, gara ya janye odarsa mai jira kafin ya fita.

Yaya ake bambance ɓallewa ta gaskiya da ta ƙarya?

Babu ma'aunin da yake bambance su tun kafin abin ya faru, amma akwai wanda yake rage kuskure, shi ne rufewar kyandir. Jela ta leƙa waje ba ɓallewa ba ce. Abin da ake jira shi ne kyandir na taswirar da aka zana akwatin a kanta ya rufe a wajen yankin, da tazara mai ma'ana, sannan wanda ya biyo shi ya kasa komawa ciki. Akwatin da aka zana a taswirar yini, rufewar yini ce take yanke masa hukunci, ba ta minti goma sha biyar ba.

Zinare ya ba da misali mai kyau na duka biyun. A watan Agusta 2020 farashin oza ɗaya ya kai kusan Dala 2,075 ya juyo. Ya sake zuwa wannan yankin a Maris 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ya juyo, ya kuma sake zuwa a Mayu 2023 ya juyo. A ƙasa kuma yankin Dala 1,680 ya tare shi a Maris 2021 da Agusta 2021. A Satumba 2022 ya fasa wannan daɓen ya gangara kusa da 1,615, ya yi makonni a ƙasa, sannan a Nuwamba ya koma cikin akwatin da ƙarfi. Wannan ya nuna cewa ko rufewar kyandir a waje ba ta zama lamuni, kuma wanda ya bi ɓallewar ya sayar yana buƙatar tasa iyakar asarar kamar kowa.

A ranar 4 ga Disamba 2023, da safiyar kasuwannin Asiya, zinare ya tsallake rufin ya haura Dala 2,130, amma kafin yinin ya ƙare ya dawo kusa da 2,030. Wanda ya ajiye Buy Stop, wato odar saye da ke jiran farashi ya hau, a saman rufi ya sayi ƙololuwa, wanda ya jira rufewar yini kuwa bai shiga ba sam. Ɓallewar gaskiya ta zo a farkon Maris 2024, lokacin da ya rufe a sama da 2,100 ya ci gaba da rufewa a sama kwana bayan kwana, har ya kai 2,400 a Afrilu.

Yawan ciniki ma shaida ne: ɓallewar da ta zo da ciniki mai yawa fiye da na kwanakin baya ta fi wadda ta zo a lokacin da kasuwa ta yi tsit abin dogaro. A hannun jari da kirifto ana ganin adadin na ainihi a dandalin da ake ciniki. A canjin kuɗi babu kasuwa guda da take tattara shi, abin da manhajar ciniki ta MetaTrader take nunawa galibi yawan motsin farashi ne a wurin dillalin mutum, don haka a ɗauke shi da sassauci.

Ina cikin ciniki sai akwati ya fashe a kaina. Me zan yi?

A bar iyakar asara ta yi aikin da aka ajiye ta dominsa. Wannan ita ce tambayar da take raba wanda zai daɗe a wannan salo da wanda zai ƙone asusunsa, domin salon yana koya wa mutum ɗabi'a mai haɗari: sau uku ko huɗu ya ga farashi ya sauko ya koma, sai zuciyarsa ta riƙa gaya masa cewa wannan karon ma zai koma.

A koma kan misalin. Mai ciniki ya ci zagaye huɗu, Dala 30 kowanne, ya tara 120. A zagaye na biyar ya saya a 1.0720, farashi ya gangaro 1.0670, maimakon ya karɓi asarar Dala 10 sai ya cire iyakar ya ƙara lot 0.02 da sunan ya samu araha. Da farashi ya kai 1.0620 ya ƙara lot 0.04 domin ya sauko da matsakaicin farashin sayensa. Idan faɗuwar ta kai 1.0500, wato faɗin akwati ɗaya a ƙasa da daɓe, cinikin farko ya rasa Dala 44, na biyu 34, na uku 48, jimilla 126. Ribar zagaye huɗu ta tafi a zagaye ɗaya, kuma cinikin yana nan a buɗe da girma ninki huɗu na abin da ya tsara. Da ya bar iyakar a wurinta, da yana da Dala 110 a hannu, idonsa kuma a buɗe yake ya ga sabuwar tafiyar da ta fara.

Bayan an fita, ba a juyawa nan take a sayar don huce haushi. A jira kyandir ya rufe. Idan ya rufe a cikin akwati, jela ce ta kwashe iyakar, kuma ana iya sake saye da sabon lissafi, iyakar asara a ƙarƙashin wannan jelar. Idan ya rufe a waje, tsarin akwati ya ƙare, sai a goge duk odar da ke jira a ciki.

Idan ɓallewa ta tabbata, yaya ake bin ta, kuma ina ake sa ran za ta kai?

A ce kyandir ɗin awa huɗu ya rufe a 1.0935, sama da rufin 1.0900. Hanya ta farko ita ce a saya nan take, iyakar asara a cikin tsohon akwati, a ce 1.0860, domin idan farashi ya koma can ɓallewar ta ƙaryata kanta. Tazarar pip 75 ce, girman ciniki lot 0.01. Hanya ta biyu ita ce a jira farashi ya dawo ya gwada tsohon rufi daga sama, tun da waɗanda suka sayar a nan suna neman fita ba tare da asara ba, waɗanda suka makara kuma suna neman shiga, sai rufin jiya ya zama daɓen yau. Idan aka samu saye a 1.0910 da iyaka a 1.0860, asara ta koma pip 50, girma ya koma lot 0.02.

Wurin da ake sa ran kaiwa ana auna shi da faɗin akwati: pip 200 a kan 1.0900 ya ba da 1.1100. Wanda ya shiga nan take yana neman pip 165 da kasadar 75, wanda ya jira yana neman 190 da kasadar 50. A takarda jira ya fi, amma ba kullum farashi yake dawowa ba. Zinare bai koma 2,075 ba bayan Maris 2024, kuma masu jiran gwajin suna kallo ya wuce. Faɗin akwatinsa, daga 1,680 zuwa 2,075, kusan Dala 400 ne, wanda ya ba da hasashen 2,475, ya kuma kai wannan yankin a Yuli 2024. Awon faɗi kimantawa ce, wani lokaci tafiya takan tsaya a rabinsa, wani lokaci ta ninka shi. Masu son haɗa hanyoyin biyu suna raba kasadar gida biyu, rabi a rufewar kyandir, rabi a gwaji idan ya zo, muddin jimillar ba ta wuce Dala 10 ɗin da aka ƙayyade ba.

Ɓallewar ƙarya ma tana da nata cinikin, kuma yana cikin mafi kyawun abin da akwati yake bayarwa. Idan farashi ya leƙa 1.0925 sannan kyandir ya rufe a 1.0885, waɗanda suka saya a waje sun maƙale, fitarsu kuma sayarwa ce. Ana iya sayarwa a 1.0885, iyaka a 1.0935 saman jelar, riba a 1.0735.

Shin iyakar asara tana kare mutum a kowane hali?

Ba ta yi. Stop Loss umarni ne ga dillali ya rufe ciniki a farashi na farko da ya samu bayan an taɓa lambar, kuma idan farashi ya yi tsalle, wanda ya samu yana iya yin nisa da wanda aka rubuta. Wannan yana faruwa a lokacin manyan sanarwa, da kuma ranar Lahadi da dare idan kasuwar canji ta buɗe a wani wuri daban da inda ta rufe ranar Juma'a.

Misali mafi tsanani shi ne na Yuro da faran na Siwizalan. A ranar 6 ga Satumba 2011 babban bankin ƙasar ya sanar cewa ba zai bari Yuro ɗaya ya sauka ƙasa da faran 1.20 ba, kuma fiye da shekara uku 'yan kasuwa suna saye kusa da wannan lambar da tunanin daɓe ne da hukuma take tsaronsa. A ranar 15 ga Janairu 2015 bankin ya janye alkawarin ba tare da gargaɗi ba. Cikin mintuna farashi ya faɗo ƙasa da faran 1.00, babu mai saye a tsakani, aka rufe cinikin mutane ɗaruruwan pip nesa da iyakokinsu, wasu asusun suka koma bashi, kamfanin dillanci na Alpari UK kuma ya durƙushe washegari. Masu iyakar pip 20 da suka ɗauki babban girma saboda iyakar tana kusa su ne suka fi jin jiki. Saboda haka, bayan an lissafa girman ciniki da tazarar iyaka, yana da kyau a sake lissafa abin da zai faru da asusun idan aka rufe cinikin ninki goma nesa da inda aka nufa. A misalinmu na lot 0.02, pip 500 Dala 100 ne, kashi 10 cikin 100 na jarin. Wanda ya buɗe lot 0.20 a kan wannan Dala 1,000 ɗin, tsalle iri ɗaya zai share asusunsa gaba ɗaya.